Kawu ya turo murya ta minti huɗu, ya ce in mayar da ita imel

Usman: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu aikin rubutu a nan. Kawuna yana sayar da dankalin Turawa da kabeji a Farin Gada, kuma akwai wani otal a Abuja da yake kai wa kaya. Sun sauya mai sayen kayan abinci, sabon ya ce shi ba ya aiki da saƙon murya, a turo masa imel. Daren jiya Asabar Kawu ya turo mini murya ta minti huɗu. Ga abin da ya faɗa, na cire tari da gaisawar da ya yi da wani mai wucewa:

"Usmanu kana ji na? To ka rubuta wa mutumin nan na Abuja, ka gaishe shi da kyau, ka ce ina masa murnar kama aiki. Ka ce masa dankalin nan buhu arba'in yana nan, mai kyau ne, na Bokkos, ba irin wanda wancan yaron ya kai musu ba da rabinsa ya ruɓe. Kuɗi kuma ya tashi, ai ya sani, yanzu sittin da biyu ne. Kabeji goma, sha takwas sha takwas. Af, dankalin talatin da biyar ne, biyar ɗin na ba Alhaji. Mota kuma biyu da rabi kowane buhu, su za su biya, wancan karon ni na biya ba a mayar mini ba. Jibi in Allah ya yarda mota za ta tashi, amma sai sun turo rabi. Kuma ka tuna masa cikon nan na ɗari da hamsin, wata biyu ke nan, ba a cin kuɗin mutane haka. Kar dai ka faɗa da zafi. Shi ke nan, ka san yadda za ka tsara."

Daga ina zan fara?

Nura: Wa alaikumus salam. Ai ka riga ka gama aikin tun da ka rubuta shi. Ka sa sallama a sama, ka sa sunan Kawu a ƙasa, ka gyara waƙafi da aya, ka tura.

Malam Sabo: Nura, in ya tura haka, mutumin Abuja zai karanta buhu arba'in a layi na biyu ya shigar a littafinsa, kafin idonsa ya kai kan talatin da biyar. Mai magana yana gyara kansa yana tafiya, kunne kuma ya saba da haka. Ido bai saba ba, lambar da ya fara gani ita yake riƙewa.

Usman, kada ka fara da rubuta wasiƙa. Ka ɗauki biro da takarda ka sake sauraron muryar sau uku. Na farko ka ji ta daga farko har ƙarshe ba tsayawa, kana neman amsar tambaya ɗaya: me Kawu yake so mutumin ya yi bayan ya karanta? A nan abin da yake so shi ne a turo kafin alƙalami don mota ta tashi. Duk sauran maganar tana kewaye da wannan ne. Na biyu ka riƙa tsayawa a kan kowace lamba, ka rubuta ta tare da mintin da ta fito, misali arba'in a 0:35, talatin da biyar a 1:50. In lamba biyu suka yi karo, ta ƙarshe ce ke da rinjaye, amma sai an tabbatar daga bakin mai ita. Na uku ka saurari abin da ya ce da kai, ba da mutumin Abuja ba, kamar "kar ka faɗa da zafi". Wannan umarni ne gare ka, ba ya shiga cikin imel. Kuma ka bar saurin muryar a 1x. A 1.5x ko 2x ne lambobi suke rikicewa a kunnen mutum, musamman in akwai ƙarar kasuwa a baya.

Usman: Na gode Malam. Na yi haka yanzu. Lambobin da na samu: dankali 35, kabeji 10, sittin da biyu, sha takwas, biyu da rabi, ɗari da hamsin.

Hajiya Rabi: Ɗana, kalli jerin nan naka da idon wanda bai taɓa shiga Farin Gada ba. Sittin da biyu na mene ne? 'Yan kasuwa sukan hadiye kalmar "dubu" saboda kowa a wurin ya sani. A imel dole ka maido ta: naira 62,000 kowane buhu, naira 18,000 kowane buhu, naira 2,500 kowane buhu. Maimaitawar da ya yi, "sha takwas sha takwas", ita ce ta nuna farashin kowane ɗaya ne, ba jimilla ba. A rubuce sai ka ce "kowane buhu" ƙarara.

Sannan akwai wurare huɗu da kai ba ka da ikon cike su da kanka, sai ka kira shi. Buhun wane iri ne, kilo nawa? A kasuwa buhu suna ne kawai, akwai babba akwai ƙarami, akwai mai toliya da aka ɗinke bakinsa a sama. Otal kuwa sikeli suke da shi a sito. Na biyu "jibi". Ya yi maganar daren Asabar 11 ga Oktoba, jibinsa Litinin ce 13. Kai kana rubutu yau Lahadi, in ka sa "jibi" ta zama Talata, in mutumin bai buɗe ba sai Litinin da safe ta zama Laraba. Na uku "rabi", rabin me? Na huɗu cikon nan, shi ne kuɗin motar da ya ce ba a mayar masa ba, ko wani bashi ne dabam? A muryar abu biyun suna kusa da juna, ba a san ko ɗaya ba ne.

Nura: Hajiya rabi ai rabi ne, mene ne abin tambaya a ciki?

Hajiya Rabi: To mu lissafa. Dankali buhu 35 a kan 62,000 ya kama 2,170,000. Kabeji buhu 10 a kan 18,000 ya kama 180,000. Kuɗin kaya ke nan 2,350,000. Mota buhu 45 a kan 2,500 ta kama 112,500. Jimilla 2,462,500. In rabin kuɗin kaya yake nufi, 1,175,000 ne. In rabin jimilla ne, 1,231,250. Tsakaninsu akwai naira 56,250. Akanta zai zaɓi ƙaramar lambar, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi, tun da ba a rubuta ba. Ranar Litinin direba yana tsaye yana jiran kuɗinsa, sai a fara kiraye-kiraye.

Nura: Na yarda da wannan. Amma sauran gyaran har yanzu ina ganin ana wahalar da abu mai sauƙi.

Ladi: Ni tambayata dabam ce, ku yi haƙuri. Ba a iya tura muryar kanta ta imel? Na ga ana liƙa hoto da takarda, ai murya ma fayil ce. Sai ya ji daga bakin mai kaya, ba ruwan Usman da kuskure.

Malam Sabo: Ana iya liƙawa, Malama Ladi. Murya ta minti huɗu ba ta da nauyi, ba ta kusa da iyakar 25 MB da Gmail ya sa wa abin liƙawa. Matsalar ba ta nauyi ba ce. Mutumin ya ce ba ya aiki da murya ne saboda yana bukatar abin da zai tura wa akanta, ya buga a takarda, ya nemo bayan wata uku ta hanyar rubuta "dankali" a wurin bincike. Sannan ki tuna me ke cikin muryar: an zargi wani mai kawo musu kaya da ruɓaɓɓen dankali, an ce ba a cin kuɗin mutane haka, an ambaci Alhajin da aka ba buhu biyar daga cikin nasu. Kawu da ɗan 'yar'uwarsa yake magana, bai shirya bakinsa don kunnen baƙo ba.

Usman: Na kira shi. Da farko ya ce ai ya riga ya faɗa mini komai. Sai na karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Hajiya ta jera. Ga abin da ya fito. Buhun dankali ya ce ba ya aunawa, babban buhu ne irin wanda ya saba kai musu. Mota Litinin da yamma za ta tashi ta isa Talata da safe. Rabin kuɗin kaya yake nufi, amma kuɗin mota gaba ɗaya yake so a haɗa, don direba ba ya tashi sai an sallame shi. Cikon kuma dubu ɗari da hamsin ne, ragowar kuɗin kayan watan Agusta. Kuɗin motar wancan karon ya ce a bar shi, ya yafe.

Hajiya Rabi: Ka gani, lamba ta uku ce ta fito, ba ɗaya daga cikin biyun da na lissafa ba. 1,175,000 a tara da 112,500, ya zama 1,287,500. Abin da zai rage bayan an sauke kaya 1,175,000. Da ka yi hasashe, ko wanne ka zaɓa ka kuskure. Maganar nauyi kuma kada ka ƙirƙiro kilo don imel ya yi kyau. In ka rubuta kilo kaza, sun ɗora a sikeli bai cika ba, takardarka ce za su nuna masa. Ka rubuta abin da ya faɗa: babban buhu irin wanda aka kawo a watan Agusta.

Malam Sabo: Yanzu an zo wurin rubutu. Ga yadda zan tsara shi.

A gurbin `Subject`: Dankali buhu 35 da kabeji buhu 10, isowa Talata 14 ga Oktoba

Assalamu alaikum Malam,

Da fatan kana lafiya. Ina taya ka murnar kama aiki, Allah ya sa albarka.

Ina sanar da kai cewa kayanku sun haɗu a Farin Gada, Jos. Mota za ta tashi ranar Litinin 13 ga Oktoba da yamma, ta iso muku Talata 14 ga Oktoba da safe in Allah ya yarda, muddin kafin alƙalami na naira 1,287,500 ya shigo kafin ƙarfe 12 na ranar Litinin.

Ga bayanin kayan:
Dankalin Turawa na Bokkos, babban buhu irin na watan Agusta: buhu 35 a kan naira 62,000, jimilla 2,170,000
Kabeji: buhu 10 a kan naira 18,000, jimilla 180,000
Kuɗin mota daga Jos zuwa Abuja: buhu 45 a kan naira 2,500, jimilla 112,500
Gaba ɗaya: naira 2,462,500

Kafin alƙalamin ya ƙunshi rabin kuɗin kaya da kuɗin mota duka. Ragowar naira 1,175,000 za a biya bayan an sauke kaya an duba.

Ina roƙon ka amsa wannan saƙo don tabbatar da adadi da farashi kafin a yi lodi.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Sai cikakken sunan Kawu, sunan shagonsa in yana da shi, da lambar wayarsa. A ƙasa ka ƙara layi ɗaya: Usman ne ya rubuta a madadinsa.

Ka lura ban bi jerin da Kawu ya bi ba. Shi ya ajiye bukatarsa kusa da ƙarshe, don a baki ana share fage kafin a nemi abu. A imel bukatar tana hawa sama, nan da nan bayan gaisuwa, saboda mutumin a waya zai buɗe, layi biyar ko shida na farko ne zai gani kafin ya yanke ko zai ci gaba yanzu ko sai an jima. Ƙarfe 12 ɗin nan kuma ni na sa don a ga gurbinsa. Kawu bai faɗa ba. Ka tambaye shi, in bai amince ba ka sauya.

Nura: Malam gaisuwar nan ta yi gajarta. Kawu ya ce a gaishe shi da kyau. Ina gajiya, ina iyali, ina aiki, yaya sanyin Abuja? Dattijo ne ke aiko saƙo, ba banki ba.

Hajiya Rabi: Sanyin Abuja kuma, Nura? Mutanen Jos ne ake tambaya sanyi. Amma kana da gaskiya rabi. Gaisuwa a baki tana da tsawo ne saboda ana amsawa, kai ka ce ina gajiya ya ce babu gajiya. A takarda ba mai amsawa, sai tambayoyi biyar su tsaya a jere kamar an bar su a rana. Layi biyu sun isa, amma ya zama akwai abu ɗaya da ya shafi mutumin shi kansa, kuma murnar kama aiki ta yi wannan aikin. Abin da zan ƙara shi ne sunansa. In an san shi, a rubuta Malam wane ko Alhaji wane, bayan an tabbatar da yadda yake rubuta shi. In ba a san addininsa ba, "Barka da aiki" ta fi zama lafiya a kan sallama. Iyali kuwa ban cika so a tambaya ba a saƙon farko ga wanda ba a taɓa gani ba.

Nura: To ni dai da na ƙara "ina fatan iyali suna lafiya". Ba ta cutar da kowa.

Bala: Ni abin da na gani ya ɓace shi ne bashin. Malam Sabo ya cire ɗari da hamsin gaba ɗaya, alhali mai saƙo ya ce a tuna. Marubuci ba shi da hurumin yar da abin da aka aiko shi da shi.

Malam Sabo: Ban yar ba, Malam Bala, raba su na yi. Imel ɗaya, bukata ɗaya. In ka haɗa sabon ciniki da tsohon bashi, abu biyu ke faruwa. Ko ya amsa na cinikin ya yi shiru a kan bashin, daga baya ya ce ai na amsa saƙonku. Ko kuma ya tura duka wa akanta a bincika bashin Agusta, wanda shi bai ma kama aiki ba lokacin, sai kafin alƙalami ya maƙale tare da binciken, dankali yana zaune a buhu. Bashin ya samu nasa imel, da nasa kan saƙo, da hoton takardar karɓar kaya ta Agusta a liƙe, a tura bayan kuɗin Litinin ya shigo.

Bala: Ban gamsu ba. Lokacin da suke bukatar kayanka shi ne lokacin da maganarka take da nauyi. Bayan an sauke dankali a sitonsu, wa zai kula da imel na biyu? Ni zan sa sakin layi ɗaya kafin rufewa: "Haka kuma ina tunatar da ku cikon naira 150,000 na kayan watan Agusta. Zan ji daɗi in an haɗa shi da wannan biya." Babu zafi, babu zargi, kuma an faɗa.

Hajiya Rabi: Jimlar Bala ta yi kyau, ko a wane imel aka sa ta. Ku lura da abin da ya yi da "ba a cin kuɗin mutane haka": ya bar lambar da watan, ya zubar da fushin. Amma hukuncin haɗawa ko rabawa ba namu ba ne, ba na Usman ba ne. Kuɗin Kawu ne, shi ya san ko zai iya jure a jinkirta masa. Usman, ka faɗa masa hanyoyin biyu a jimla biyu, ya zaɓa. Kuma a rubuta 150,000 da lamba. "Dubu ɗari da hamsin" a rubuce mai son gardama zai iya karanta ta 100,050.

Ladi: Farashin da ya tashi fa? Ya ce "ai ya sani". Ba a faɗa a imel ɗin ba cewa an samu ƙari.

Malam Sabo: Kin kama abin da ya wuce ni. Sabon ma'aikaci ne, zai buɗe fayil ya ga tsohon farashi, ya ga namu ya ɗara, ya ɗauka ana gwada shi ne. A ƙara jimla ɗaya a ƙarƙashin lissafin: "Farashin dankali ya ƙaru a kan na watan Agusta saboda yadda kasuwa take yanzu." In Kawu yana da takamaiman dalili ya faɗa, a sa. In babu, kada a ƙago masa dogon bayani a kan taki da man fetur.

Usman: Lambar asusun banki fa? A sa a ciki?

Hajiya Rabi: In asusun da suka saba biya ne, ka rubuta "a asusun da kuka saba" ka tsaya nan. Ma'aikata da yawa suna tsoron imel daga sabon adireshi mai ɗauke da lambar asusu, don ta haka 'yan damfara suke karkatar da kuɗi, kuma adireshinka sabo ne a wurinsu. Shi ya sa yana da kyau Kawu ya kira mutumin da wayarsa ya ce imel na zuwa daga wurin ɗana Usman. In dole sai an sa lambar, kada ka ɗauke ta daga murya. Ka sa ya turo hoton takardar banki, ka ƙirga lambobin su cika goma, ka rubuta sunan banki da sunan mai asusu kamar yadda yake a banki, ba sunan da ake kiransa a kasuwa ba.

Kafin ka danna `Send`, ka kira shi ka karanta masa imel ɗin da bakinka daga sama har ƙasa, a hankali wajen lambobi. Ka saurari inda zai ce "a'a, ba haka na ce ba". Yawanci a kan alkawari ne. Dattijo ya ce mota za ta tashi in Allah ya yarda, marubuci ya mayar da ita "kaya za su iso ƙarfe takwas", alhali tsakanin Akwanga da Keffi zuwa cunkoson Mararraba ba wanda ke da tabbacin awa. Adireshin mai karɓa kuma ka sa shi a gurbin `To` a ƙarshe, bayan an gama komai, don kada yatsa ya tura rabin wasiƙa.

Bala: Kwanan wata ma kada ya rubuta 13/10 kawai. Sunan rana da sunan wata, kamar yadda Malam Sabo ya yi. In ranar da lambar suka saɓa, mai karatu zai gane akwai kuskure ya tambaya.

Nura: In mutumin ba ya jin Hausa fa? Duk wannan aiki a banza.

Malam Sabo: Tsarin bai sauya ba, harshe kawai za a juya, lambobin kuma suna nan yadda suke. Amma sai an gama tace ta Hausa Kawu ya amince, sannan a juya zuwa Turanci, don ita ce zai iya ji ya gyara.

Usman: Bahaushe ne, Kawu ya ce sun yi waya sau ɗaya. Na karanta masa duka. Ya amince da lissafi, ya ce ƙarfe 12 ta yi wuri, a mayar ƙarfe 2 don lodi sai bayan la'asar. Ya ce a cire "an duba" a wajen ragowar kuɗi, wai kada su samu ƙofar rage masa farashi. Bashin kuma ya ce a sa jimlar Malam Bala a ciki, shi ba zai jira ba.

Malam Sabo: Kayansa ne. Amma "an duba" ɗin nan ko an cire za su duba, sai dai a yi gardamar a waya. Ka sa jimlar bashin a ƙasan lissafi, kada ta hau sama da maganar kafin alƙalami, kuma kada ka tara 150,000 cikin jimillar 2,462,500.

Usman: To Malam. Kawu ya sake turo wata muryar yanzu, minti biyu. Na ji kamar ya ambaci karas.